Idan Ɗigo Ya Hau Kan Ɗigo: Yadda Ake Warware Cunkoso a Zanen Ɗige-ɗige

Zanen ɗige-ɗige yana tsaye ne a kan alkawari guda: kowane abu da aka auna yana da ɗigonsa, kuma mai kallo zai ga ɗigon. Ana jan layi biyu, na kwance da na tsaye, kowanne yana ɗauke da ma'auni ɗaya, sai a sa ɗigo a inda ma'aunan biyu suka haɗu. Muddin abubuwan ba su wuce ɗari biyu ko uku ba, alkawarin yana cika. Amma da zarar sun kai dubbai, sai ɗigo ya fara hawa kan ɗan'uwansa, na sama ya rufe na ƙasa, har wani yanki na zanen ya zama baƙi ƙirin. A wannan yankin ido ba ya iya bambanta wurin da ɗigo biyar suka taru da wurin da ɗari biyar suka taru, domin baƙi ba ya ƙara baƙi. Zanen yana nan da kyansa, kwamfuta ba ta yi ƙorafin komai ba, amma ya daina faɗin inda jama'ar bayanan take.

Akwai hanyoyi uku da aka fi bi wajen magance wannan: a sa ɗigon ya zama shara-shara, ko a raba fili gida-gida a ƙirga, ko a ɗebi samfuri. Kowacce tana bayyana wani abu, kuma kowacce tana ɓoye wani abu a madadinsa. Wanda ya san abin da kowacce ke ɓoyewa shi ne zai iya zaɓa daidai. Za mu bi su ɗaya bayan ɗaya a kan bayanai guda, waɗanda kowa zai iya buɗewa a kwamfutarsa ya gwada.

Bayanan da za mu yi aiki da su

A cikin manhajar R akwai kunshin zane mai suna `ggplot2`, wanda Hadley Wickham ya ƙirƙira. Kunshin yana zuwa da wani teburi mai suna `diamonds`, mai ɗauke da bayanan duwatsun daimon guda 53,940. Ma'auni biyu za mu ɗauka. Na farko nauyi ne, wato `carat`, kuma karat ɗaya daidai yake da giram 0.2. Na biyu farashi ne da dalar Amurka, wato `price`. Mafi ƙanƙantar dutse yana da karat 0.2, mafi girma yana da 5.01. Farashi kuwa ya tashi daga dala 326 zuwa dala 18,823.

```r
library(ggplot2)
ggplot(diamonds, aes(carat, price)) +
  geom_point()
```

Abin da zai fito shi ne wani baƙin gajimare da ya taso daga kusurwar hagu ta ƙasa, ya miƙe sama yana buɗewa, sannan 'yan ɗige-ɗige warwatse a hannun dama. Wanda ya kalle shi zai ɗauka cewa duwatsun sun bazu ko'ina a cikin baƙin nan daidai wa daida, kuma manyan duwatsu masu tsada suna da yawa. Alƙaluma ba su ce haka ba. Rabin duwatsun ba su wuce karat 0.7 ba, wato sun matse a cikin kusan kashi ɗaya bisa goma na faɗin zanen. Rabinsu kuma farashinsu bai haura dala 2,401 ba, wanda shi ma kusan kashi ɗaya bisa goma ne na tsayin zanen. Waɗanda suka wuce karat 2.5 kuwa guda 126 ne kacal, amma su ne suka mallaki rabin filin na dama gaba ɗaya.

Yadda za ka gane akwai cunkoso

Kafin magani sai an tabbatar da ciwo, kuma lissafin ba shi da wuya. A ce zanenka yana da faɗin fiksil 800 da tsayin 600 a allon kwamfuta. Jimillar filin ke nan fiksil 480,000. Ɗigo mai faɗin fiksil biyar yana cin kusan fiksil 20. Idan ka ninka 20 sau 53,940, za ka sami sama da miliyan ɗaya. Ke nan ko da an jera duwatsun a tsanake, babu wanda ya matsi wani, filin ba zai ɗauki rabinsu ba. Balle kuma ga su sun taru a kusurwa ɗaya.

Akwai dalili na biyu da ba a cika lura da shi ba, shi ne yadda aka rubuta ma'aunin. An rubuta nauyin duwatsun ne da lamba biyu bayan ɗigon goma, kamar 0.31 ko 1.52. Gwada wannan:

```r
length(unique(diamonds$carat))
```

Amsar ita ce 273. Duk duwatsun nan dubu hamsin da uku da ɗoriya, a kan tsayayyun layuka 273 kawai suke zaune, kusan dutse 200 a kowane layi idan an raba daidai. Kuma ba a raba daidai ba: nauyin 0.30 shi kaɗai yana da dutse 2,604.

Saboda haka alamomin uku ne. Akwai yanki mai launi ɗaya tak da ba a ganin farin takarda a cikinsa. Yawan ɗige-ɗigen idan an ninka da girmansu ya kusa filin zanen ko ya fi shi. Ko kuma yawan ƙimomi mabambanta ya yi ƙasa ƙwarai da yawan layukan teburin. Duk wadda ka gani a cikin ukun, kada ka yanke hukunci da zanen tukuna.

Matakin farko, wanda ba ya cin komai, shi ne rage girman ɗigo. A `ggplot2`, idan ka rubuta `geom_point(shape = ".")`, kowane dutse zai zama fiksil guda. Wannan kaɗai yana buɗe wurare da dama. Sai dai a kusurwar da ta fi cika, duwatsu da yawa suna faɗawa kan fiksil ɗaya, don haka cunkoson yana nan. Daga nan ne hanyoyin uku suke shigowa.

Hanya ta farko: ɗigo shara-shara

Ɗauki mayafi baƙi mai shara-shara ka shimfiɗa a kan farin zane. Farin zai dusashe kaɗan amma ana ganinsa. Ƙara na biyu a kai, ya ƙara duhu. Idan ka yi ta ƙarawa, za a kai inda farin ya ɓace gaba ɗaya, kuma daga nan ko mayafi nawa ka ɗora, ido ba zai ga bambanci ba. Haka wannan hanya take aiki. Ana ba kowane ɗigo wata ƙima mai suna `alpha`, daga 0 zuwa 1. Idan 1 ce, ɗigon yana rufe abin da ke ƙarƙashinsa ruf. Idan 0 ce, ba a ganinsa sam.

```r
ggplot(diamonds, aes(carat, price)) +
  geom_point(alpha = 1/100)
```

Yanzu zanen ya canza fuska. Kusurwar hagu ta ƙasa ta yi duhu sosai, sama ta yi haske, abin da ke nuna inda duwatsun suke da gaske. Sannan ga wasu tsayayyun ratsi masu duhu a wajen karat 0.3, 0.5, 0.7, 1.0, 1.5 da 2.0, kowanne da ɗan wuri mai haske dab da shi ta hagu. A zanen farko ana hango gefen wasu daga cikinsu a can sama inda babu cunkoso, amma a cikin baƙin sun nutse. Waɗannan ratsi gaskiya ne, ga shaida:

```r
sum(diamonds$carat == 0.99)
sum(diamonds$carat == 1)
```

Na farko zai ba ka 23, na biyu 1,558. Farashin daimon yana tsalle idan nauyinsa ya cika lamba, don haka mai sassaƙa dutse yana iya ƙoƙarinsa ya kai karat ɗaya cif ko ya ɗan haura, kada ya tsaya a 0.99. Wannan labari ne na kasuwa da ke kwance cikin bayanan, kuma cunkoso ya danne shi.

To, yaya ake zaɓar ƙimar? Mutane da yawa suna ɗauka cewa idan `alpha` ta kasance 1/100, ɗigo ɗari ne za su haɗu su yi baƙi ƙirin. Lissafin bai tafi haka ba. Kowane sabon ɗigo yana rage kashi ɗaya cikin ɗari ne na hasken da ya saura, ba na hasken farko ba. Idan `n` ne yawan ɗigon da suka hau juna, duhun wurin shi ne:

```
duhu = 1 - (1 - alpha)^n
```

Da 1/100, ɗigo goma suna ba da duhu kusan kashi 10 cikin ɗari. Ɗigo ɗari suna ba da kashi 63. Sai an kai ɗigo ɗari uku kafin a sami kashi 95, inda ido ke cewa baƙi ne. Daga nan zuwa sama, ɗari uku da dubu uku duk ɗaya suke. A ɗaya gefen kuma, ɗigo guda shi kaɗai yana da duhun kashi ɗaya cikin ɗari, wanda kusan fari ne. Ke nan dutsen nan mai karat 5.01 da sauran manyan da ke warwatse a dama sun ɓace daga gani.

Idan ka ɗaga ƙimar zuwa 1/10 domin ka dawo da su, za su dawo, amma yanzu ɗigo talatin sun isa su yi baƙi, kusurwar hagu ta sake toshewa. A nan iyakar hanyar take. Tsakanin mafi hasken da ido ke kamawa da inda baƙi ya cika, tazarar ba ta wuce ninki hamsin zuwa sittin ba, duk ƙanƙantar ƙimar da ka zaɓa. Canza `alpha` yana matsar da wannan taga ne sama ko ƙasa, ba ya faɗaɗa ta. Idan bayananka suna da wuri mai ɗigo ɗaya da wuri mai ɗaruruwa, dole gefe ɗaya ya faɗi waje.

Dabarar zaɓa ita ce ka fara tambayar kanka ɗigo nawa kake so su taru kafin wuri ya yi baƙi, sai ka raba uku da wannan adadin. Idan sittin kake so, `alpha` ta zama 3/60, wato 0.05. Sannan ka gwada ninkinta biyu da rabinta, ka duba ko fasalin zanen ya tsaya yadda yake.

Akwai wasu tarkuna uku ƙanana. Kwamfuta tana ajiye wannan ƙima a matakai 256 ne, don haka idan ka sauka ƙasa da kusan 1/500 a R, tana zama sifili, zanen ya fito fari fat. Na biyu, babu ma'aunin launi a gefe da zai gaya wa mai karatu cewa wannan toka-tokar tana nufin dutse arba'in, kuma duhun yana canzawa idan ka canza girman ɗigo ko girman hoton. Na uku ya shafi duk ɗalibin da zai kai aikinsa a buga a takarda: injin bugawa da na kwafi suna cinye launi mai haske, don haka abin da ka gani a allo ba lalle ne malaminka ya gan shi ba. Buga shafi ɗaya ka duba kafin ka buga sauran.

Hanya ta biyu: raba fili gida-gida

A wannan hanyar ana daina zana duwatsu ɗaya-ɗaya. Ana yanka filin zanen zuwa ƙananan gidaje masu girma ɗaya, a ƙirga duwatsun da suka faɗa kowane gida, sai a shafa wa gidan launi gwargwadon adadinsa. Gidan da babu kowa a bar shi fari. Tunda gida ba ya hawa kan gida, cunkoso ya ƙare ke nan, kuma a gefen zanen akwai ma'aunin da ke fassara launi zuwa lamba.

Gidajen suna iya zama masu gefe huɗu, da `geom_bin2d()`, ko masu gefe shida, da `geom_hex()`, wanda ke buƙatar a girka kunshin `hexbin`. Daniel Carr da abokan aikinsa ne suka gabatar da amfani da masu gefe shida a irin wannan zane a 1987. Dalilin fifita su biyu ne. A gida mai gefe huɗu, nisan kusurwa daga tsakiya ya fi nisan gefe da kusan kashi 41 cikin ɗari, a mai gefe shida kuwa kusan kashi 15 ne kawai, don haka tsakiyar gidan ta fi wakiltar waɗanda ke cikinsa. Sannan jerin gidaje masu gefe huɗu yana haifar da miƙaƙƙun layuka a tsaye da a kwance da ke jan ido, har mutum ya ga kamar wani tsari ne na bayanan.

```r
ggplot(diamonds, aes(carat, price)) +
  geom_hex(bins = 60) +
  scale_fill_viridis_c(trans = "log10")
```

Shawara biyu ce a cikin waɗannan layuka, kuma kowacce tana iya gyara zanen ko ta ɓata shi.

Ta farko ita ce ma'aunin launi. Idan ka bar shi yadda ya zo, launi yana tafiya daidai da adadi. A ce gidan da ya fi cika yana da dutse 5,000. Gida mai dutse 50 yana kashi ɗaya cikin ɗari na wannan, mai dutse 5 kuma bai kai haka ba ma, don haka launinsu zai zama ɗaya a ido. Sakamakon shi ne gidaje biyu ko uku masu haske a kusurwa, sauran duka launi guda. Wato cunkoson ya dawo ta ƙofar baya. Abin da `trans = "log10"` ke yi shi ne ya sa kowane ninki goma ya sami rabonsa na launi daidai: daga 1 zuwa 10 mataki ɗaya, daga 10 zuwa 100 mataki ɗaya, daga 100 zuwa 1,000 mataki ɗaya. Da haka gida mai dutse guda da gida mai dubbai duk suna bayyana a zane ɗaya, abin da shara-shara ya kasa yi. Sai dai wajibi ne ka faɗa wa mai karatu cewa launin ninki-ninki yake tafiya, domin in ba haka ba zai raina bambancin da ke tsakanin gidajen.

Ta biyu ita ce girman gida. Idan ba ka faɗi komai ba, `ggplot2` yana raba kowane layi gida 30. Mu lissafa abin da wannan ke nufi a nan. Tazarar nauyi karat 4.81 ce, idan an raba 30, kowane gida ya sami faɗin karat 0.16. Tazarar farashi dala 18,497 ce, kowane gida ya sami tsayin kusan dala 617. Gida mai faɗin 0.16 yana haɗa wurin da babu kowa da wurin da aka cika, ratsin da muka gani ɗazu su dusashe.

Akwai ma wani abin da ya fi wannan siriri. A cikin teburin babu dutse ko ɗaya da farashinsa yake dala 1,500 ko dab da ita. Wani giɓi ne da faɗinsa bai kai dala 100 ba. A zanen farko tsayinsa kusan fiksil uku ne, ɗige-ɗigen sama da na ƙasa suna iya rufe shi. Gida mai tsayin dala 617 kuwa zai haɗiye shi ba tare da wata alama ba. Ƙa'idar ita ce gida kada ya wuce rabin faɗin abin da kake son gani. Don ganin wannan giɓin sai ka matso kusa:

```r
library(dplyr)
diamonds |>
  filter(price < 3000) |>
  ggplot(aes(carat, price)) +
  geom_bin2d(binwidth = c(0.02, 25))
```

Yanzu farin layi zai ratsa zanen a kwance a daidai 1,500. Irin wannan giɓi mai kaifin baki yawanci alama ce ta yadda aka tattara bayanan, kuma mai nazari ya kamata ya san da shi kafin ya ɗora wani lissafi a kai.

Amma ƙanƙanta gida ma yana da iyaka. Idan gidajen suka yi yawa, akasarinsu za su ƙunshi dutse ɗaya ko biyu, zanen ya zama dabbare-dabbare, sa'a kawai ke bambanta gida da maƙwabcinsa. Alamar gida ya yi girma ita ce zanen ya yi sumul fiye da kima, alamar ya yi ƙanƙanta ita ce launi yana tsalle daga gida zuwa gida ba tsari. Gwada 30, 60 da 120, ka ajiye su kusa da juna. Abin da ya bayyana a biyu daga ciki ya cancanci ka bi shi da ƙirga.

Abin da wannan hanya ke ɓoyewa shi ne ɗaiɗaikun duwatsu. Ba ka san inda dutse yake a cikin gidansa ba, kuma launi ya riga ya tafi wajen nuna adadi, don haka ba za ka iya amfani da shi ka nuna ma'auni na uku ba, kamar ingancin sassaƙa. Idan kana son wannan, sai ka raba zanen zuwa ƙananan zanuka da `facet_wrap(~cut)`.

Hanya ta uku: ɗiban samfuri

Wani lokaci ɗigon kake so, ba gida ba, domin kana son ka ba kowane rukuni launinsa ko ka nuna wa mutanen da ba su saba da ma'aunin launi ba. Sai ka ɗebi wani kaso ka zana shi kaɗai.

```r
set.seed(1)
samfuri <- slice_sample(diamonds, n = 2000)
ggplot(samfuri, aes(carat, price)) +
  geom_point(size = 0.8, alpha = 0.4)
```

Sharaɗi na farko shi ne ɗiban ya zama na ƙuri'a, kowane dutse da damar shiga daidai da ta kowa. Kada ka ɗauki layuka 2,000 na farkon teburi. A `diamonds` an jera akasarin layukan ne bisa farashi, don haka na farkon za su ba ka wani siririn yanki kawai. Haka yawancin tebura suke, an jera su bisa kwanan wata, ko gari, ko wanda ya shigar da su. Umarnin `set.seed` kuwa yana sa duk wanda ya sake gudanar da aikin ya sami samfuri iri ɗaya da naka.

Dutse 2,000 kashi 3.7 ne cikin ɗari na teburin. Abin da ke da yawa zai tsira: lanƙwasar farashi yayin da nauyi ke ƙaruwa, buɗewar gajimaren, da manyan ratsi. Daga cikin duwatsu 1,558 masu karat ɗaya cif, kusan 58 za su shigo, kuma ko an sake ɗiba adadin ba zai yi nisa da haka ba. Abin da ba shi da yawa kuwa sai yadda ƙuri'a ta yi da shi. Daga cikin manyan nan 126, kusan biyar ake sa ran gani, wani ɗiban ya kawo biyu, wani ya kawo takwas. Masu nauyin 0.99 su 23 ne, kuma a kusan ɗiba huɗu cikin goma ba ɗayansu da zai shigo, har ka rantse babu irinsu a teburin. Dutsen da ya fi kowanne girma kuwa damar shigarsa ba ta kai huɗu cikin ɗari ba.

Gwajin wannan hanya mai sauƙi ne: canza lambar da ke cikin `set.seed` sau uku, ka zana sau uku. Abin da ya tsaya a dukkan zanukan na bayanan ne. Abin da ya zo ya tafi na ƙuri'a ne, kada ka rubuta komai a kansa.

Idan ƙaramin rukuni ne damuwarka, ka ɗiba rukuni-rukuni. An kasa duwatsun gida biyar bisa ingancin sassaƙa. Rukunin `Ideal` yana da 21,551, rukunin `Fair` yana da 1,610 kawai, wanda a samfurin 2,000 zai sami kusan 60. Da `group_by(cut)` kafin `slice_sample(n = 400)`, kowane rukuni zai sami 400. Yanzu kana iya kwatanta fasalin rukunonin, amma yawan ɗigo ya daina nuna yawan duwatsu, domin `Fair` da bai wuce kashi uku cikin ɗari ba ya zama kashi ashirin. Dole a rubuta wannan a ƙarƙashin zanen.

Abu ɗaya kuma kada a manta: samfurin na zane ne kawai. Matsakaici, layin alaƙa da duk wani lissafi, a yi su da cikakken teburin, sannan a ɗora sakamakon a kan ɗige-ɗigen samfurin.

Wacce za ka ɗauka

Tambayar da kake wa bayanan ita ce ke zaɓar hanya. Idan kana leƙawa ne karon farko kuma ɗige-ɗigen ba su wuce 'yan dubbai ba, rage girman ɗigo ka sa shara-shara, cikin minti ɗaya ka ga fasali. Idan tambayar ita ce ina aka fi taruwa kuma da ninki nawa, gida-gida ne amsar, kuma shi ne ba ya gajiya ko bayanan sun kai miliyoyi, tunda yawan gidajen ba ya ƙaruwa. Idan kana son launin rukunoni ko hoto mara nauyi, ɗebi samfuri. Idan kuwa baƙon ɗigo kake nema, wanda ya ware daga jama'a, to samfuri zai jefar da shi, shara-shara zai dusashe shi, don haka sai ka haɗa hanya biyu:

```r
ggplot(mapping = aes(carat, price)) +
  geom_hex(data = filter(diamonds, carat <= 2.5), bins = 60) +
  geom_point(data = filter(diamonds, carat > 2.5), size = 0.8) +
  scale_fill_viridis_c(trans = "log10")
```

A nan duwatsu 53,814 sun shiga gidaje an ƙirga su, manyan 126 kuma kowanne yana tsaye da ɗigonsa. Ga wannan teburin, wannan ne zanen da zan miƙa wa mai karatu, domin babu dutsen da ya ɓace kuma babu wurin da ya toshe.

Duk hanyar da ka bi, ka rubuta abin da ka yi a ƙarƙashin zanen: yawan bayanan gaba ɗaya, ƙimar `alpha` idan ka sa, girman gida da irin ma'aunin launi, ko yawan samfuri da yadda aka ɗebe shi. Jimla ɗaya ta isa. Mai karatu ba shi da teburin a hannunsa, abin da ka nuna masa kawai yake gani, don haka hakkinsa ne ya san abin da aka rage. Kuma duk abin da ido ya hango a zane, giɓi ne ko ratsi, ka koma teburin ka ƙirga shi kafin ka sa shi a rahoto.